Tambayar da Ke Neman Ƙarya

Shekara biyu na yi ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar mishan a Kawo, cikin Kaduna, 'yan shekaru kaɗan kafin a sami mulkin kai, kuma a cikin shekara biyun nan ni da hedimastanmu ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ya mutu tuntuni. Mutane suna cewa ba a faɗa da mamaci, ni kuwa har yau idan na tuna yadda yake tura tabarau bisa karan hanci kafin ya yi magana, sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Daga kudancin Zazzau muka fito mu duka, ƙauyensu da namu tafiyar rabin yini ce. Babana kafinta ne, majami'a ɗaya suke zuwa, shi ne ma ya roƙe shi ya ɗauke ni aiki da na gama aji bakwai. Wannan alherin kuwa ban taɓa samun damar mantawa da shi ba, don kowane mako sai an tuna mini.

Asalin rigimar ba wani abin kirki ba ne. Ya liƙa sanarwa a ɗakin malamai cewa za a yi taron iyaye ran talatin da ɗaya ga watan Yuni. Ni kuma da jan fensirina a hannu, na zagaye ranar, na rubuta a gefe cewa watan Yuni kwana talatin gare shi. Shekarata goma sha takwas, kaina yana hayaƙi, don tun ina aji ɗaya ba a taɓa zuwa gabana a jarrabawa ba. Malamai suka yi ta dariya a ɓoye. Washegari aka mai da ajina ɗakin da ke kusa da masai, aka kuma ɗora mini kula da shara da buga ƙararrawa, ba ranar sauka. Daga ranar ya daina kiran sunana, sai dai "Malama mai jan fensir".

Mu biyu ne mata marasa takardar horo a makarantar, ni da malamar aji ɗaya. Ita mace ce mai sanyin jiki, ta girme ni da shekara huɗu, idan tana karatu sai ta bi layi da yatsa leɓenta yana motsi. Ba na ɓoyewa, na raina ta. Malama marar horo a wancan zamani ba ta da gindin zama, ran da aka sami mai takarda, ran nan za a ce ta tattara. Saboda haka da labari ya zo cewa manajan makarantun mishan ya ba makarantarmu gurbi ɗaya a kwalejin horon malamai mata, kuma jarrabawa ce za ta raba, sai na ji kamar an riga an kira sunana. Gurbi ɗaya, mu biyu, ɗayar kuma tana karatu da yatsa. Har na fara tunanin irin akwatin da Baba zai ƙera mini.

Jarrabawar wani sabon salo ce da ba mu saba da shi ba. Mu da muka tashi da rubuta dogon bayani, sai ga takarda ta gwaji manaja ya aiko, da Turanci, kowace tambaya da amsa huɗu a ƙarƙashinta, ka zaɓi ɗaya ka yi mata alama, shi ke nan. Aka umarci hedimasta ya zauna da mu ya nuna mana yadda abin yake. Ya tara mu a ofishinsa bayan an tashi, ya zauna, mu muna tsaye.

Ya ce, "Ku buɗe kunnuwanku. Yawancin tambayoyin nan gaskiya suke nema. Amma akwai waɗansu da aka watsa a tsakani, su ƙarya suke nema. Za a ce wanne ne ba gaskiya ba a cikin huɗun nan. Uku gaskiya ne, ɗaya ƙarya, ƙaryar ce amsa. Abin da ya raba su da sauran 'yar kalma ce mai harafi uku, 'not', wato 'ba', ba a kuma rubuta ta da manyan baƙaƙe ba. Kafin ku taɓa kowace tambaya, ku bi takardar daga sama har ƙasa, duk inda kuka ga kalmar nan ku ja mata layi. In kun zo kanta, ku rubuta gaskiya ko ƙarya a gefen kowace amsa, ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fita daban ita za ku ɗauka."

Malamar aji ɗaya tana ta rubuta abin da yake faɗa a bayan littafinta. Ni na harɗe hannu.

Ya tura tabarau ya dube ni. "Malama mai jan fensir ba ta rubutu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na iya karatu."

Ya ce, "Masu iya karatun take kamawa."

Na ce, "Wannan dabara ce ta wanda kansa ba ya riƙe layi ɗaya. Ni sau biyu nake karanta kowace tambaya."

Da na faɗi haka malamar aji ɗaya ta sunkuyar da kai, don ta san da ita nake. Shi kuwa murmushi ya yi, ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Da wani ne ya kawo shawarar nan, ko da mai sayar da gyaɗa ne a bakin tasha, da na karɓa hannu bibbiyu. Amma daga bakinsa ta fito, ni kuma na riga na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa cin moriyar komai nasa ba.

Ranar Asabar aka yi jarrabawar, da safe, a ɗakin 'yan aji bakwai. Shi ya tsare mu, da agogonsa a kan tebur. Na buɗe takarda na ga abubuwan da na sani ne kamar yunwar cikina: lissafi, labarin ƙasa, kiwon lafiya, tarihi. Tambaya ta huɗu irin wadda ya faɗa ce. Na gan ta sarai, na ɗauki ƙaryar, har na ɗaga kai na dube shi don ya san na gani. Daga nan sai tambayoyi masu neman gaskiya suka jero, goma sha wani abu a jere, hannuna ya kama hanya. Ga shi kuma hannun malama ne, shekara biyu kullum yana bin littattafan yara, abin da yake daidai ya yi masa alama, abin da ba daidai ba ya soke shi.

Sai na zo kan wata tambaya game da kogin Kaduna, kogin da nake tsallakawa duk ran da na je kasuwar da ke hayi. Amsa ta farko ta ce yana zuba cikin Kwara. Ta biyu ta ce jirgin ƙasa yana haye shi ta kan gada a garin Kaduna. Ta uku ta ce daga tsaunukan Jos ya taso. Ta huɗu ta ce yana zuba cikin tafkin Chadi. Ta huɗun na fara sokewa, har na rubuta "shirme" a gefenta, don ni mai son barin shaida ce. Saura uku, kuma duk ukun na ga gaskiya ne. A nan ya kamata gabana ya faɗi. Maimakon haka sai na ji daɗi, na ce yauwa, ga tambayar da aka yi don masu kai, ana so a ga wadda ta fi sauran gaskiya. Na zauna ina neman aibin maganganun da ba su da aibi. Na ce ai gadar ba a tsakiyar gari take ba. Na ce ai ba a ce takamaimai daga wane tsauni ba. Na kashe minti biyar ina wannan wahala, na zaɓi ta farko, na koma na sake karanta tambayar kamar yadda na yi alkawari. Karatu na biyu bai tsinana mini komai ba, don ido ba ya sake duba abin da kai ya riga ya yanke, sai dai ya bi ta kai ya wuce.

Haka na yi wa guda uku. Akwai kuma wata game da sauro, wadda a cikinta na ga 'yar kalmar da idona, na san ƙarya ake nema. Amma ɗaya daga cikin amsoshin ta ce namijin sauro ba ya shan jini. Tambaya tana cewa "ba", amsa tana cewa "ba", lokaci yana tafiya, sai kaina ya haɗa su aure, na yi mata alama. Alhali maganar gaskiya ce tsantsa, macen ce mai shan jini, ni da bakina na koya wa yara haka. Ƙaryar tana can ƙasa tana jirana, wai sauro ƙafa takwas gare shi, ban ko kai kanta da natsuwa ba.

Duk wannan daga baya na san shi. Ranar dai na fito ina taku ɗai-ɗai. Na bar malamar aji ɗaya tana ta ja wa takarda layi kamar mai shirin yanka atamfa, har aka ce a ajiye fensir.

Hedimasta ne ya duba takardun da amsoshin da manaja ya aiko a rufe, ya aika da sakamako. Bayan mako biyu ya tara malamai duka, ya karanta. Malamar aji ɗaya ta fi ni da maki biyu. Ita za ta tafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ƙarya ne."

Hedimasta ya tura tabarau. Ya ce, "Me kika ce, Malama?"

Na ce, "Na ce ƙarya ne, ranka ya daɗe. Kai ka duba, kai ka ƙirga, kai ka aika. Kowa a ɗakin nan ya san abin da ke tsakaninmu. A kawo takardata in gani."

Takardar tana cikin aljihun teburinsa a lokacin, taku goma daga inda muke. Da ya ga dama da ya kira ni gefe ya buɗe mini ita, in ji kunyata ni kaɗai, magana ta mutu a nan. Ya san abin da ke ciki, ya ga "shirme" da na rubuta da hannuna. Amma sai ya ce, cikin sanyin murya, takardar jarrabawa ba a nuna wa kowa sai da izinin manaja, in ina da ƙara in rubuta. Ya miƙo mini igiya, ni kuma na karɓa na zura wuyana. Wannan ne abin da ban yafe masa ba.

Baba ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Yana fere ƙafar kujera a ƙofar gida na gaya masa zan kai ƙara. Ya ajiye abin aikinsa ya ce, "Ke 'yar nan, kin ga takardar da idonki?"

Na ce, "Baba, ba sai na gani ba. Na san abin da na rubuta."

Ya ce, "Ki bar kaza cikin gashinta. Baɗi ma shekara ce."

Ban bari ba. Na rubuta wa manaja shafi biyu, na ce hedimasta ya zaftare mini maki saboda ƙiyayya, na kawo labarin masai da shara da ƙararrawa, ban rage komai ba. Na sa hannu da cikakken sunana.

Manaja ya zo ran wata Talata a kan babur. Bature ne tsoho, ya daɗe a ƙasar, Hausarsa irin ta littafi. Aka zauna a ofis, shi da hedimasta da dattijo ɗaya na majami'a, aka kira ni. Ya ce shi da kansa ya sake duba takardun biyu, amma yana so in gani. Ya shimfiɗa tawa a kan tebur, ya sa yatsa a kan tambayar kogi, ya ce in karanta da ƙarfi.

Na karanta da ƙarfi, da irin muryar da nake karanta wa yara. Kuma Allah shi ne shaida, a gaban mutum uku, na sake tsallake kalmar.

Hedimasta ya yi wani ɗan tari. Manaja ya ce, "A hankali, 'yata. Kalma ɗaya ɗaya."

Na bi da yatsa, kamar yadda malamar aji ɗaya take yi. Sai ga ta, a tsakiyar layi, baƙa ƙirin, tana nan tun ranar Asabar ɗin. Na dubi ƙasa na ga amsar da ake nema, ita ce na fara sokewa, da "shirme" a gefenta. Ya juya shafi, ga wata. Ya juya, ga wata. Ga ta sauro. Maki huɗu na zubar, biyu kuma aka fi ni da su. Na tsaya ina neman inda aka goge ko aka canza, ko da ɗigo ɗaya, ban samu ba. Lissafinsa daidai yake har ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon majami'a ya girgiza kai ya ce, "Kai, yarinya, kin ɗebo da zafi."

Manaja ba mugu ba ne. Ya ce abin da na rubuta a gefe ya nuna na san karatun, kuskuren na ido ne, zai so ya bar sunana a cikin masu gwadawa baɗi. Amma na zargi shugabana da ha'inci a rubuce, kuma zargin ya faɗi. Dole in rubuta takardar ban haƙuri, in kai wa hedimasta hannu da hannu kafin a tashi ran Juma'a, shi kuma ya sa hannu ya aika. In ba haka ba, ba zai iya barina a ƙarƙashin mutumin da na kira maƙaryaci ba, kuma ba shi da wani gurbi a wata makaranta.

Hedimasta ya ce, "Ni ba ni da komai a raina, ranka ya daɗe. 'Yar abokina ce." Ya faɗi haka yana kallon rufin ɗaki.

Kwana biyu ina fama da takardar nan. Layi biyar ce kawai, amma sau shida na sake ta, don duk wadda na rubuta sai in ga ko dai ta yi tsauri ko ta yi laushi fiye da yadda zan iya haɗiyewa. Malamar aji ɗaya ta same ni a bakin rijiya ran Alhamis, ta ce, "Ƙanwata, wallahi ban so abin ya zama haka ba. Ni na san kin fi ni." Na ce mata ta riƙe tausayinta ta tafi da shi kwaleji. Ita ce mutum ɗaya a cikin labarin nan da ba ta yi wa kowa komai ba, kuma ita na fi yi wa rashin kunya. Wannan kam ina nadamarsa.

Ran Juma'a da aka fita tara na tafi ofis da takardar a ninke cikin littafin rajista. Ƙofa a buɗe take rabi, malamai maza uku suna ciki suna shan shayi. Na yi sallama. Ya leƙo ya gan ni, ya ga rajistar a hannuna, ya san abin da ya kawo ni. Ya ce in jira a waje, yana da baƙi.

Na tsaya a baranda, rana tana dukan ƙafata. Sai na ji ya ja aljihun tebur, na ji ƙarar takarda. Ya gyara murya, ya siranta ta kamar ta mace, ya fara karanta tambayar kogin yadda na karanta ta a gaban manaja, yana tsallake kalmar da gangan. Ya ce, "Sai ta ce, ranka ya daɗe, ai na iya karatu!" Suka fashe da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Ya karanta ta sauro. Ya ce su zo su ga inda ta rubuta "shirme", su ga kyan rubutun hannu. Bai rage murya ba, don ya san ina jin kome, ni yake karanta wa.

Abin da ake so in yi kaɗan ne. In ƙara minti goma a tsaye, in shiga, in durƙusa, in miƙa, in fito. Baɗi in sake gwadawa, in ja wa kalmar layi, in wuce. Na san haka a lokacin, ba sai da na tsufa na gane ba. Na buga ƙararrawar komawa aji, don aikina ne, na dawo na sake tsayawa. Malaman suka fito ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Sai ya ɗaga murya daga ciki.

"Malama mai jan fensir, shigo. Ina fata wannan takardar kin karanta ta sau biyu."

Na shiga. Na zaro takardar daga cikin rajista, na buɗe ta a gabansa don ya ga cewa na rubuta, ya ga sa hannuna a ƙasa. Ya miƙo hannu. Na yaga ta biyu, na haɗa na sake yagawa, na zuba masa a cikin kofin shayinsa. Na ajiye rajistar aji biyu a kan tebur, da allin da ya rage a aljihuna, na fita.

Daɗin abin bai kai ni ko bakin titin Zariya ba. Baba yana ƙofar gida yana aiki, ya ga na dawo da rana tsaka ba littafi a hannuna. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge katakonsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malamar aji ɗaya ta tafi kwaleji da sabuwar shekara, ta dawo da takardarta, ta koyar har ta yi ritaya. Ni na koyi ɗinki wurin wata mata a unguwarmu, da shi na ci abinci, da shi na yi wa 'ya'yana makaranta. Na yi shekaru ina gaya wa mutane cewa wani azzalumin hedimasta ne ya raba ni da koyarwa, kuma mugu ne, wannan ba zan janye ba. Amma na ga takardar da idona, na bi ta da yatsa, ko rabin maki bai taɓa mini ba. Tun daga ran Juma'ar nan ban ƙara tsayawa a gaban aji ba.